Zuciya Ba Ta Jiran Umarni: Inda Bugu Ke Tasowa Da Hanyar Da Yake Bi

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu gyaran kifi ya san wannan abu. An yanka tarwaɗa, an farke cikinta, an fitar da kayan ciki an ajiye gefe, amma ga 'yar zuciyarta nan a kan faranti tana ci gaba da bugawa. Babu ƙwaƙwalwa, babu jijiyar da ta haɗa ta da komai, ita dai tana nan tana ƙis, ƙis, ƙis. Tsokar hannu ko ta ƙafa ba ta haka. In aka yanke jijiyar da ke kai mata saƙo, shi ke nan, ta kwanta. To me ya sa zuciya ta fita daban?

Amsar a taƙaice ita ce bugun daga cikinta yake tasowa. Zuciyar ɗan tayi tana fara motsi tun wajen kwana 22 da shigar ciki, tun jijiyoyin saƙo ba su iso gare ta ba. Haka kuma wanda aka yi wa dashen zuciya, an yanke duk jijiyoyin da ke haɗa ta da ƙwaƙwalwa, amma tana bugawa, har ma ta fi ta sauran mutane sauri, sau 90 zuwa 110 a minti ko da yana hutawa. Za mu dawo kan dalilin wannan saurin.

A shekarar 1852 wani masani Bajamushe, Hermann Stannius, ya yi wani gwaji da zuciyar kwaɗo wanda har yau nake ganin ya fi dogon bayani fayyace lamarin. Ya ɗauki zare ya ɗaure zuciyar tamau a can sama, tsakanin inda jini ke shigowa da sauran zuciyar. Ɓangaren da ke saman zaren ya ci gaba da bugawa yadda ya saba, na ƙasa kuwa ya tsaya cik. Sai ya ƙara wani ɗauri a tsakanin ɗakunan sama da ɗakin ƙasa, sai ɗakin ƙasan ya farfaɗo ya kama bugawa, amma a hankali, da nasa lissafin. Zare biyu kacal sun nuna abu biyu: akwai jagora a sama wanda kowa ke bi, akwai kuma masu jiran gado a ƙasa waɗanda ba sa motsawa sai jagoran ya yi shiru.

A zuciyar ɗan Adam, mai ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, jagoran nan wani ɗan ƙulli ne na ƙwayoyin tsoka na musamman, tsawonsa bai wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba, yana manne a bangon ɗakin sama na dama, daidai inda babbar jijiyar da ke dawo da jini daga kai da hannuwa ta shigo. Arthur Keith da Martin Flack ne suka bayyana shi a 1907. A littattafan likitanci da takardun asibiti za a ga an rubuta SA, mu a nan mu kira shi ƙullin sama.

Tulun da ba ya daina cika

Kowace ƙwayar tsoka tana da fata mai raba cikinta da waje, kuma akwai bambancin caji tsakanin ɓangarorin biyu, kamar kawunan batir. Ana auna bambancin da milibolt. Cikin ƙwayar da ke hutawa yana ƙasa da sifili. Abin da ke sauya wannan caji shi ne shige da ficen wasu gishirai uku masu ɗauke da caji: sodiyam da kalsiyam, waɗanda suka fi yawa a waje suna neman shiga, da fotasiyam, wanda ya fi yawa a ciki yana neman fita. Ba sa ratsa fatar sai ta wasu ƙananan ƙofofi, kowane da irin tasa. In sodiyam ko kalsiyam ya shiga, cajin ciki ya hau. In fotasiyam ya fita, ya sauka.

Ƙwayar tsokar zuciya ta gama-gari, wadda aikinta matsa jini, tana zaune daram a wajen -90. Tana da wasu ƙofofin fotasiyam masu yawa da ke buɗe a lokacin hutu, su ne ke riƙe ta a can ƙasa kamar turke. In ba a zo an taɓa ta ba, haka za ta zauna.

Ƙwayar ƙullin sama kusan ba ta da wannan turken. Mafi ƙasan inda take sauka shi ne wajen -60, kuma ko a nan ba ta zama. Da ta iso sai ta fara hawa a hankali, kamar tulun da aka girka a ƙarƙashin famfo mai ɗiga. In ta kai wajen -40, ta iso baki: manyan ƙofofin kalsiyam su buɗe, kalsiyam ya kwararo ciki, caji ya yi sama har ya ɗan haura sifili. Wannan shi ne tashin wutar, shi ne haihuwar bugu. Daga nan ƙofofin kalsiyam su rufe, na fotasiyam su buɗe, fotasiyam ya fice, caji ya koma -60. An juye tulun, ɗigo ya ci gaba.

To daga ina ɗigon yake? Nan ne daɗin maganar. Yawancin ƙofofin da aka sani a jijiyoyi da tsoka suna buɗewa ne in caji ya hau. A 1979 Hilary Brown da Dario DiFrancesco da Susan Noble, suna aiki a Oxford kan ƙullin sama na zomo, suka bayyana wani kwararo mai yin akasin haka: ƙofarsa tana buɗewa ne in caji ya sauka. Abin ya zo musu banbaraƙwai har suka raɗa masa suna daga wannan baƙon hali nasa, ana rubuta shi If. Ƙofar da ke ɗauke da shi, wadda aka fi samu a ƙullin sama, ana rubuta ta HCN4. A duba hikimar da ke ciki. Saukar cajin da ke rufe bugun da ya wuce, ita ce da kanta take buɗe ƙofar da sodiyam zai fara ɗiga don bugu na gaba. Ƙarshen wannan shi ne mabuɗin wancan. Saboda haka ƙwayar ba ta buƙatar wani ya tashe ta.

Amma If ba shi kaɗai ke cika tulun ba. Shi ke fara aikin, sannan a tsakiyar hawan wasu ƙananan ƙofofin kalsiyam su taimaka. Akwai kuma wani agogo na biyu a cikin ƙwayar: tana da rumbun kalsiyam, wanda yake ɗan saki kaɗan kaɗan gab da ƙarshen hawan. A fatar ƙwayar akwai wani mai musaya da ke fitar da kalsiyam ɗaya ya shigo da sodiyam uku. Kalsiyam ɗaya caji biyu yake ɗauke da shi, sodiyam uku caji uku, saboda haka duk musaya ɗaya ciki ya ci ribar caji ɗaya, hawan ya ƙara sauri. Masana sun daɗe suna jayayya kan wanne ne ya fi muhimmanci cikin agogunan biyu. Abin da hujja ta fi nunawa shi ne a haɗe suke aiki, kowane yana gyara wa ɗan'uwansa zama. Akwai maganin da ake kira ibabiradin wanda ke toshe ƙofar If kai tsaye. Yana rage saurin zuciya, amma ba ya tsayar da ita. Wannan kaɗai ya isa nuna cewa ba igiya ɗaya aka rataya rayuwar mutum a kai ba.

Yanzu kuma saurin bugun. In aka bar ƙullin sama da halinsa, zai tashi wajen sau 100 a minti. Abin da ya sa yawancinmu muke 60 zuwa 80 a zaune shi ne wata jijiyar saƙo da ke saukowa daga tushen ƙwaƙwalwa, jijiyar bagas, tana riƙe da linzami dare da rana. Tana sakin sinadarin asetilkolin, wanda ke buɗe ƙarin ƙofofin fotasiyam ya kuma rage ɗigon If: tulun ya ƙara zurfi, famfon ya ragu. Shi ya sa zuciyar da aka dasa, wadda ba ta da wannan linzami, take gudu kusa da 100. Adirenalin da ɗan'uwansa noradirenalin kuwa ƙara buɗe famfon suke yi.

A ƙaddara da lissafi mai sauƙi. A ce tashin wutar da saukarta suna cin daƙiƙa 0.3, hawan daga -60 zuwa -40 yana cin 0.5. Jimla 0.8, wato bugu 75 a minti. Mutum ya tsorata, adirenalin ya zubo, hawan ya koma 0.2: jimla 0.5, bugu 120. Ya kwanta barci, bagas ta ja linzami, hawan ya kai 0.9: jimla 1.2, bugu 50. Ƙwaƙwalwa ba ta cewa "buga". Iyakarta ta ce a ƙara ɗigo ko a rage.

Hanya mai shinge ɗaya

Tashin wuta a ƙulli ɗaya ba zai tura jini ba sai ya game zuciya duka, kuma cikin tsari. Ƙwayoyin tsokar zuciya suna haɗe baki da baki, a mahaɗarsu akwai 'yan ramuka da gishiran nan ke ratsawa daga wannan zuwa waccan. In ɗaya ta tashi, caji ya tsallaka ya kai maƙwabciyarta baki, ita ma ta tashi, kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Haka saƙon ke bazuwa a ɗakunan sama da gudun da ya kusa mita ɗaya a daƙiƙa, da wata 'yar hanya ta musamman da ke tsallakar da shi zuwa ɗakin hagu. Cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ɗakunan sama biyu sun kamu, sun fara matsa jini ƙasa.

Wutar ba ta komawa baya, domin ƙwayar da ta tashi ba ta sake amsa kira sai bayan wajen daƙiƙa 0.2 zuwa 0.3. Ciyawar da ta ƙone ba ta sake kamawa nan take. Wannan dogon hutu ne kuma ya hana zuciya ɗaurewa ta ƙi saki irin yadda tsokar ƙafa ke yi.

Tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa akwai wani faifai na tauri, irin jijiyar nama, inda marufan zuciya masu hana jini komawa baya ke zaune. Wuta ba ta ratsa shi. Ƙofa ɗaya tak aka bari, wani ƙulli na biyu a ƙasan ɗakin sama na dama, wanda ake rubutawa AV, mu ce ƙullin tsakiya. Wani likita ɗan Japan, Sunao Tawara, shi ya bayyana shi a 1906 yana aiki a Marburg ta Jamus, kuma shi ne ya gane cewa ƙullin da igiyoyin da ke ƙasansa hanya ce guda ɗaya.

A wannan ƙulli gudun saƙo yana faɗuwa zuwa wajen santimita 5 a daƙiƙa. Ƙwayoyinsa ƙanana ne, ramukan da ke haɗa su kaɗan ne, kuma da kalsiyam suke tashi, wanda ƙofarsa ba ta da zafin nama irin ƙofar sodiyam da tsokar zuciya ta gama-gari ke tashi da ita. Saƙo yana ɓata kusan daƙiƙa 0.1 a nan. Mai kallo daga nesa zai ce aibi ne, alhali shi ne gyaran. Jinkirin ne ke ba ɗakunan sama damar gama juye jininsu kafin na ƙasa su matsa, kuma wannan turin na ƙarshe yana ƙara wa ɗakunan ƙasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na cikarsu. Akwai amfani na biyu. In ɗakunan sama suka rikice suna karkarwa, saƙo yana iya zuwa sau 400 zuwa 600 a minti. Da duka za su wuce, da mutum bai kai labari ba. Ƙullin tsakiya, saboda jinkirin farfaɗowarsa, sai ya tace su, ya bar wani kaso kawai ya wuce.

Da saƙo ya haye shingen, labari ya sauya. Ya shiga wata igiya da Wilhelm His ƙarami ya bayyana a 1893, ta huda faifan nan, ta rabu biyu a kan bangon da ke tsakanin ɗakunan ƙasa, reshe ɗaya dama ɗaya hagu. Rassan suka bazu suka zama zaruruwa masu kauri da Jan Evangelista Purkinje ya fara gani a zuciyar tunkiya tun 1839, ba tare da ya san aikinsu ba. A cikinsu saƙo yana gudun mita 2 zuwa 4 a daƙiƙa, mafi sauri a duk zuciya. Cikin ƙasa da daƙiƙa 0.1 ɗakunan ƙasa duka sun samu kira, kusan lokaci guda, kuma matsin yana tasowa daga wajen tsinin zuciya ya nufi sama, inda manyan jijiyoyin fitar da jini suke. Mai tatsar saniya ya san bambancin matsa mai tsari da damƙa ta kawai.

Duk wannan tafiya ana ganinta a takardar gwajin wutar zuciya, ECG. Ɗan tudun farko, P, shi ne kamuwar ɗakunan sama. Tsinin da ke biye, QRS, shi ne kamuwar na ƙasa, kuma siririnsa shaida ce cewa saƙon ya bi babbar hanya. Tazarar daga farkon P zuwa farkon QRS, wadda ake kira PR, tana tsakanin daƙiƙa 0.12 da 0.20, mafi yawanta jinkirin ƙullin tsakiya ne. Shi kansa ƙullin sama ba a ganinsa a takardar, don ya yi ƙanƙanta. Sawunsa kawai ake gani. In reshe ɗaya ya toshe, ɓangarensa sai ya jira saƙo ya lallaɓo ta cikin tsoka daga ɗaya ɓangaren, QRS ya yi faɗi ya kai 0.12 ko fiye.

In hanya ta yanke

Mu koma ga zaren Stannius. Ƙullin tsakiya da zaruruwan Purkinje su ma suna da ɗigo, sai dai famfonsu bai kai ba. Yankin ƙullin tsakiya zai iya tashi sau 40 zuwa 60 a minti, zaruruwan ƙasa 20 zuwa 40. Ba a jin su ne saboda kafin tulunsu ya cika, saƙon sama ya iso ya juye shi. Wanda ya fi sauri shi ke mulki. Har ila yau, yawan tashin da ake tilasta musu yana sa wani famfo dabam, mai fitar da sodiyam daga cikinsu, ya ƙara himma, cajinsu ya ƙara nutsewa, su ƙara yin lamo. Illar wannan ita ce in saƙon sama ya yanke farat ɗaya, ba sa karɓar aiki nan take, sai an yi 'yan daƙiƙoƙi na shiru. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure rashin jini fiye da 'yan daƙiƙoƙi ba tare da mutum ya faɗi ba.

A ɗauki misalin dattijo ɗan shekara 70 da 'ya'yansa suka kawo asibiti. Watanni yana fama da kasala da jiri, in ya ɗan yi tafiya sai haki. Sau biyu ya yanke jiki ya faɗi ba zato, fuska ta yi fari fat, bayan ɗan lokaci ya farka garau kamar ba shi ba. A gida wasu sun ce farfaɗiya, wasu sun ce iska. Ma'aikaciyar jinya ta kama hannunsa ta ƙirga: 33 a minti, daidai wa daida. Aka sa shi ya ɗan motsa jiki, bugun kusan bai ɗaga ba. Wannan babbar alama ce, domin ɗan wasa mai ƙarfin zuciya ma yana iya yin 45 a zaune, amma da ya tashi gudu bugunsa zai hau.

Aka ɗauki ECG. Takardar tana tafiya milimita 25 a daƙiƙa, kowane babban gida da aka zana a kanta daƙiƙa 0.2 ne, don haka in aka raba 300 da yawan gidajen da ke tsakanin bugu biyu an samu bugun minti. Daga P zuwa P gida 4, wato 75. Daga QRS zuwa QRS gida 9, wato wajen 33, kuma masu faɗi ne. Tazarar PR ba ta da tsayayyen awo: nan gajera, can doguwa, wani P ɗin ma ya faɗa cikin QRS. Ma'ana sama da ƙasa sun raba gari. Ƙullin sama lafiyarsa lau, yana kira sau 75, babu ko ɗaya da ke isa. Wani zare ne a can ƙasa ya karɓi aiki da ɗan ƙarfinsa, kuma da yake daga gefe saƙonsa ke tasowa yana bin tsoka, shi ya sa QRS ya yi faɗi. Wannan shi ne cikakken toshewar hanya, wanda likitoci ke kira mataki na uku. Likita mai lura zai ga wata shaida a wuyan dattijon: jijiyar wuya tana harbawa da ƙarfi jefi-jefi, duk sanda ɗakin sama ya matsa alhali marufin da ke ƙasansa a rufe yake, jini ya koma baya.

Lissafin jinin ne ke bayyana kasalar. Zuciya mai lafiya tana tura wajen mililita 70 a bugu, sau 70, kusan lita 5 a minti. Ta dattijon, ko da ta ƙara cika ta tura mililita 100, sau 33 lita 3.3 ne, kuma babu hanyar ƙarawa in ya tashi tafiya. Faɗuwar kuwa tana zuwa ne sanda zaren da ke riƙe da shi ya yi shiru na ɗan lokaci.

Kafin a ce hanyar ta lalace har abada, sai an tambayi abin da yake sha. Digozin, berafamil da magungunan hawan jini masu rage saurin zuciya irin su atenolol duk suna danne ƙullin tsakiya. Sai an auna fotasiyam a jini, don in ƙoda ta gaza yana taruwa ya dagula wutar zuciya. Sai kuma an duba ko jijiyar da ke ciyar da zuciya ce ta toshe, musamman ta dama, wadda a yawancin mutane ita ke kai wa ƙullin tsakiya jini. Yankewar hanyar saƙo da wannan ya jawo sau da yawa tana warwarewa cikin kwanaki. In babu ko ɗaya, mafi yawa a wannan shekaru igiyar ce ta tsufa ta zama tabo. Allurar atirofin, wadda ke cire linzamin bagas, tana taimakawa in matsalar a ƙullin tsakiya take. In a ƙasansa ne, kamar yadda faɗin QRS da 33 ɗin nan ke nunawa, galibi ba ta yin komai, domin ikon bagas bai cika kaiwa can ba.

Maganinsa na'urar daidaita bugu ce, wadda mutane ke cewa batirin zuciya. Ana binne ta ƙarƙashin fata a ƙasan ƙashin wuya, a zura waya ta jijiyar jini. A irin matsalar dattijon, waya ɗaya tana zama a ɗakin sama tana sauraron kiran ƙullin sama, ɗaya a ɗakin ƙasa. Da ta ji P, sai ta jira ɗan jinkiri irin wanda ƙullin tsakiya ke yi, sannan ta taɓa ɗakin ƙasa da 'yar wuta. Jagoran yana nan a kan mulkinsa, gadar da ta karye kawai aka maye, saboda haka in dattijon ya hau tudu bugunsa zai hau tare da shi. Mutum na farko da aka dasa wa na'urar daidaita bugu a cikin jiki shi ne Arne Larsson, a Stockholm a 1958, kuma wannan toshewar ce ke kayar da shi sau da yawa a rana. Na'urar farko awoyi kaɗan ta yi ta mutu, aka sa wata. An yi ta sauya masa har fiye da ashirin, ya rayu zuwa 2001 yana da shekara 86.